Furofayil ya cika, amma bincike bai gan ta ba: nazarin shafin wata ma'aikaciya a LinkedIn

A LinkedIn akwai wani ɗan ma'auni da ke nuna wa mai shafi inda ya kai wajen cike bayanansa. Matakansa uku ne: `Beginner`, `Intermediate` da `All-Star`. Wanda ya cike sassa huɗu ya hau mataki na biyu, wanda ya cike bakwai ya kai na ƙarshe. Sassan bakwai su ne hoto, wurin zama, fannin sana'a, karatu, aiki, ƙwarewa, da taƙaitaccen bayani game da mutum. Ma'aunin nan mai shafi kaɗai ke ganinsa, kuma abin da yake dubawa shi ne ko an rubuta wani abu a gurbin ko an bar shi fayau. Ba ya duba ko abin da aka rubuta shi ne abin da masu neman ma'aikata suke nema.

Na daɗe ina aikin tace masu neman aiki wa ƙungiyoyin agaji a arewa maso gabashin Najeriya, don haka galibi ina ɗaya ɓangaren ne, ɓangaren mai bincike. Abin da na gani shi ne cikar furofayil tana da tasiri sosai a kan ko za a ga mutum, sai dai ba ta hanyar da yawanci ake zato ba. Mutane na ɗauka maki ne ake tarawa, duk sashen da ka cike a ƙara maka, mai yawan maki ya hau sama. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Lamarin wata 'yar yayata ne zai fi bayyana abin, don ita ma'auninta ya daɗe da kaiwa `All-Star`, amma in aka nemi masu irin aikinta a garin da take zaune, sunanta ba ya fitowa ko a shafi na ƙarshe.

Yadda shafin yake kafin a taɓa shi

Ta karanta ilimin ƙididdiga a Jami'ar Maiduguri, ta yi bautar ƙasa a Kaduna, kuma a can ta buɗe shafin. Da ta dawo gida sai ta fara da aikin tattara bayanai na wucin gadi, irin wanda ake ba mutum waya ya bi gida gida yana cike tambayoyi. Daga baya wata ƙaramar ƙungiya ta ɗauke ta. A takardar ɗaukar aiki an kira ta mataimakiyar jami'in shiri, amma aikin da ta riƙa yi kullum shi ne bibiyar ayyuka da tantance su, fannin da ake kira Monitoring and Evaluation, a taƙaice M&E, wasu kuma su ce MEAL: ita ke tsara fom a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, ita ke horar da masu tattara bayanai, ita ke gyara alƙaluma a Excel, ita ke haɗa rahoton wata wata da ake aika wa masu ba da tallafi. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da kuɗin tallafin da ke bi ta USAID, ayyuka da yawa a Borno da Yobe da Adamawa suka tsaya, nata kwantiragin ma ba a sabunta ba.

Ga abin da ke shafinta a lokacin. Wurin zama: Kaduna, tun na bautar ƙasa. Layin da ke ƙarƙashin sunanta, wato `Headline`, ta rubuta `Passionate humanitarian | Seeking new opportunities`. A sashen `Experience` aiki ɗaya ne tak, `Programme Assistant`, da ranar farawa da ta gamawa, babu ko jimla ɗaya ta bayani a ƙarƙashinsa. A `Skills` akwai guda biyar: `Communication`, `Teamwork`, `Leadership`, `Microsoft Office`, `Time Management`. Sashen `About` kuwa ta zage ta rubuta shi, sakin layi huɗu masu daɗin karantawa a kan yadda take ƙaunar taimakon al'umma. Sashen harsuna ba ta ma buɗe shi ba, ga ta kuwa da Hausa da Kanuri a baki tun tana ƙarama.

Ta ce da ni, "Kawu, na cike komai fa. Su da kansu suka ce na kai matakin ƙarshe." Gaskiyarta. Ta cike komai, amma a cikin duk abin da ta cike babu inda aka ambaci aikin da ta iya, kuma babu inda aka ambaci garin da take.

Bincike hawa biyu ne

Injiniyoyin LinkedIn sun bayyana yadda binciken masu ɗaukar ma'aikata yake aiki a takardun da suka gabatar a tarukan masana a 2018. A taƙaice, aikin hawa biyu ne. Da farko tsarin yana tsamo waɗanda suka cika sharuɗɗan da mai bincike ya gindaya, kamar sunan muƙami, wuri da ƙwarewa. Bayan nan ne yake jera waɗanda aka tsamo, wane a sama, wane a ƙasa. Kamar tankaɗe ne da rariya: garin da ya wuce shi ake tuƙa tuwo da shi, tsakin da ya tsaya a sama kuwa ba a ma maganarsa, komai kyan hatsin.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar. Gurbin da aka bari fayau, ko aka cike shi da abin da bai dace ba, ba wai yana rage wa mutum matsayi kaɗan ba ne. In gurbin na cikin waɗanda ake tacewa da su, fitar da mutum yake yi gaba ɗaya kafin a zo jeri. Kyan hoto, daɗin rubutu, yawan shaidar yabo daga abokan aiki, duk ba su da damar yin amfani, tunda ba a kai hawan da ake duba su ba.

Bari in nuna yadda nake neman mai irin aikinta. Manhajar da kamfanoni da manyan ƙungiyoyi ke biya suna amfani da ita sunanta LinkedIn Recruiter, kuma a gefenta na hagu akwai gurabun tacewa: `Job titles`, `Locations`, `Skills`, `Companies`, `Schools`, `Industries`, `Keywords`, da wasu ƙarin irin su shekarun aiki da harsunan da mutum ke ji. A gurbin muƙami zan rubuta abu kamar haka:

```
"Monitoring and Evaluation" OR "M&E" OR MEAL
```

A gurbin wuri in zaɓi jihar Borno. A gurbin kalmomi in ƙara wannan:

```
(KoboToolbox OR ODK) AND (Excel OR "Power BI")
```

Alamar zance tana nufin a nemo kalmomin a jere kamar yadda aka rubuta su. `OR` na nufin ko wannan ko wancan, `AND` na nufin dole a samu duka biyun, kuma da manyan baƙaƙe ake rubuta su. In aikin na shiga ƙauyuka ne, sai in ƙara Kanuri a gurbin `Spoken languages`.

Mu ƙaddara cewa sharaɗin muƙami ya bar mutum 4,000 a faɗin Najeriya, na wuri ya rage su zuwa 300, na kalmomi ya mayar da su 90, na harshe ya bar 30. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, amma haka siffar abin take. Mutum 30 ɗin nan su za a jera, kuma da yake shafi guda na manhajar yana ɗaukar mutum 25, kusan dukkansu zan gani da idona. 'Yar yayata ta faɗi a sharaɗi na farko, don babu ko ɗaya daga kalmomin nan a muƙaminta. Da ta tsallake shi, da ta faɗi a na biyu, don tana Kaduna a rubuce. Da ta tsallake wannan ma, na uku da na huɗu suna jiranta. Ƙofa huɗu, kowace a rufe, alhali a zahiri ta cancanci wuce dukkansu.

Muƙami: inda muka fi daɗewa

Da sunan muƙami muka fara, kuma shi ya fi cin lokaci, don akwai batun gaskiya a ciki. Takardarta ta ce `Programme Assistant`. In ta goge ta rubuta `M&E Officer`, ta ba kanta muƙamin da ba a ba ta ba, kuma ƙungiyoyin agaji suna kiran tsohon wurin aiki su tambaya kafin su ɗauki mutum. Ranar da aka kira aka ji saɓani, magana ta ƙare. In kuma ta bar shi yadda yake, bincike ba zai taɓa sanin abin da take yi ba. Abin da muka yi shi ne ta bar muƙamin na gaskiya ta liƙa masa fannin aikin: `Programme Assistant - Monitoring and Evaluation`. Gurbin yana ɗaukar harafi 100, akwai wuri. Wanda ya kira tsohon shugabanta zai ji muƙamin ya dace, wanda ya karanta bayanin aikin zai ga fannin ya dace.

Akwai dalilin da ya sa ake son mutum ya yi amfani da sunan da kowa ya sani. LinkedIn yana ƙoƙarin mayar da dubban sunayen muƙamai da mutane ke rubutawa zuwa jerin sunaye daidaitattu, shi ya sa in ka fara rubutu a gurbin sai ya sauko maka da zaɓi. Muƙamin da ya yi kusa da ɗaya daga cikin waɗannan ya fi saurin shiga rukuninsa. Sunaye na cikin gida irin su `Officer II` ko `Field Staff` ba sa gaya wa tsarin komai. Ma'aikatan gwamnati ne suka fi faɗawa wannan, don suna rubuta matakin albashi a maimakon aikin da suke yi.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi cutar da wanda ya rasa aiki. A gurbin muƙami mai bincike yana iya zaɓar `Current`, ko `Past`, ko `Current or Past`. In ya zaɓi `Current`, duk wanda ba shi da aikin da ke ci a shafinsa ya fita, ko da jiya ya bar aikin. Ita tun da kwantiraginta ya ƙare ba ta zauna ba, takan karɓi ƙananan ayyukan safiyo na mako biyu ko uku, ta tsara fom ta gyara bayanai a biya ta. Ba ta ɗauki wannan a matsayin abin rubutawa ba. Muka buɗe masa gurbi a matsayin aikin da ke ci, nau'insa `Freelance`, da muƙamin `Monitoring and Evaluation Data Consultant`, ta lissafa irin ayyukan ba tare da ambaton waɗanda suka ba ta ba. Wanda ba ya yin komai a halin yanzu kada ya ƙirƙiro. Tasa mafitar ita ce sashen `Open to work` da zan zo kansa, da kuma masu binciken da ke zaɓar `Current or Past`, waɗanda ba su da kaɗan.

Aikin tattara bayanai na farko da shekarar bautar ƙasa su ma muka shigar da su, kowanne da watansa da shekararsa. Ta yi ta jan ƙafa a kan wannan, wai ƙananan ayyuka ne. Amma shekarun aiki da ake tacewa da su daga ranakun da ke `Experience` ake lissafa su. Aikin da ba a rubuta ba, shekarunsa sun ɓace. Da aiki ɗaya a shafin ta yi kama da mai shekara biyu a fagen, da aka shigar da sauran ta koma huɗu, wanda shi ne gaskiya.

Ƙarƙashin kowane aiki ta rubuta abin da ta yi a jimloli gajeru, da sunayen kayan aikin kamar yadda ake rubuta su: KoboToolbox, ODK, Excel, Power BI. A nan ne gurbin `Keywords` ke samun abin kamawa. Ta kuma rubuta sunan fannin a cike a wuri guda, a taƙaice a wani wurin, don wani mai binciken `M&E` zai buga, wani `MEAL`, wani ya rubuta shi da tsawonsa.

Wuri

Gyaran wuri bai ɗauki minti guda ba, amma shi ne na biyu a nauyi. Ta canza Kaduna zuwa Maiduguri, ta zaɓa daga jerin da ya sauko. Kuskuren da na fi gani a nan iri biyu ne: barin garin karatu ko na bautar ƙasa, da kuma rubuta Najeriya kawai babu jiha babu gari. Mai Najeriya kawai zai fito in an nemi ƙasar baki ɗaya, amma in an taƙaita zuwa Borno ko Kano ba ya ciki. Wasu kuma sukan sa Abuja suna zaune a Damaturu, wai don a can manyan ofisoshi suke. Wannan yana cire mutum daga binciken garinsu, inda masu gogayya da shi ba su da yawa, ya jefa shi cikin taron da ya fi kowane cunkoso. Hanyar da ta fi ita ce a bar wurin zama na gaskiya, a ƙara garuruwan da ake son komawa a cikin `Open to work`.

Ƙwarewa da harsuna

Ƙwarewa biyar ɗin da ta sa sun ishi ma'aunin cika, amma ba wanda ke tace ma'aikata da `Teamwork`. Kowa yana da ita a shafinsa, don haka ba ta raba kowa da kowa. LinkedIn ya yarda mutum ya sa har 100, sai dai ba yawan ake bi ba. Mun ɗauko tallace-tallacen aiki na irin muƙamin da take so, ta ja layi ƙarƙashin abubuwan da ke maimaituwa, sannan ta ɗauki waɗanda za ta iya karewa in an tambaye ta a intabiyu: `Monitoring & Evaluation`, `Data Collection`, `Data Analysis`, `Survey Design`, `KoboToolbox`, `Microsoft Excel`, `Report Writing`, da makamantansu. SPSS ta yi shi a jami'a amma ta daɗe ba ta taɓa ba, ta ce a bar shi sai ta sake bita. Na ji daɗin wannan. Kowace ƙwarewa kuma ta haɗa ta da aikin da ta yi amfani da ita a ciki, don shafin yana ba da damar hakan, kuma mai karatu yana ganin inda aka samo ta.

A nan akwai iyaka da ya kamata a sani. LinkedIn da kansa ya yi gargaɗi a shafukansa na taimako cewa yawan kalmomi ba shi ne nasara ba, kuma wanda ya jibga dogon jerin kalmomi a shafinsa yana iya faɗawa tarkon da ke kama shafukan banza, a rage nuna shi. Na sha ganin `About` da aka cika ƙarshensa da sunayen muƙamai talatin a jere. Ko tsarin bai kama shi ba, ni mai karatu na kama.

Sashen harsuna shi ne wanda ya fi ba ni takaici in na ga 'yan arewa sun bar shi. Ba ya cikin bakwai ɗin da ma'auni ke ƙirgawa, shi ya sa ake mantawa da shi, amma akwai gurbin tacewa da aka yi dominsa. Ƙungiyar da za ta tura mutum Monguno ko Bama ko Dikwa tana buƙatar mai jin Kanuri ko Larabcin Shuwa, ban da Hausa. Mutum yana da abin da ɗan wani wuri ba zai koya a shekara guda ba, amma ya raina shi don a gida ya tashi da shi. Ta shigar da Hausa da Kanuri a matakin `Native or bilingual proficiency`, Turanci a `Full professional proficiency`. Wannan sashe ya nuna ƙarara cewa abin da ma'auni ke kira cika daban, abin da bincike ke buƙata daban.

Bayan an wuce tacewa

Hawa na biyu, wato jeri, LinkedIn bai wallafa nauyin da yake ba kowane abu ba, amma ya faɗi abin da yake auna nasara da shi. A takardun 2018 ɗin nan, abin da tsarin ke hari shi ne mai ɗaukar ma'aikata ya aika InMail, saƙon kai tsaye na cikin LinkedIn, wanda aka aika wa kuma ya amsa da amincewa. Wato ba dacewa da aikin kaɗai ake dubawa ba, har da alamar cewa mutumin zai amsa. Nan ne `Open to work` ke shigowa. Ta kunna shi, ta sa muƙamai biyar da aka yarda a sa, ta sa Maiduguri da Damaturu da Yola da Abuja. Akwai zaɓi biyu, ko masu ɗaukar ma'aikata kaɗai su gani, ko kowa ya gani da koren zobe a hoto. Ta zaɓi na farko. A manhajar masu ɗaukar ma'aikata akwai rukuni na musamman da ke ware waɗanda suka kunna wannan, kuma ni da shi nake farawa, don ba na son ɓata saƙo a kan wanda ba ya neman aiki. Wanda ke kan aiki ya sani cewa LinkedIn yana ƙoƙarin ɓoye alamar daga masu ɗaukar ma'aikata na wurin aikinsa, amma ya ce bai ba da tabbaci ba.

`Headline` yana aiki biyu: kalmominsa suna cikin abin da bincike ke karantawa, kuma yana cikin ɗan abin da ido ke fara gani a jerin sakamako. Yana ɗaukar harafi 220. Nata ya koma `Monitoring and Evaluation (MEAL) | KoboToolbox, Excel, Power BI | Hausa, Kanuri | Maiduguri`. Babu ado a ciki, amma wanda ya karanta ya san ko ita yake nema kafin ya buɗe.

Hoto ba gurbin tacewa ba ne, ba wanda zai fita daga bincike don ba shi da hoto. Amfaninsa a wajen mutum ne, don shafin da ba hoto yakan sa mai dubawa ya yi zaton an yi watsi da shi ko na bogi ne. Na san 'yan'uwanmu mata da yawa ba sa son hotonsu ya bazu, kuma uzurinsu abin girmamawa ne. Akwai saitin da ke taƙaita masu ganin hoton, daga waɗanda kuka haɗu kai tsaye, zuwa duk masu LinkedIn, zuwa kowa har wanda ya zo ta Google. Ita ta bar hotonta da hijabi ga masu LinkedIn, ta rufe shi ga na waje.

`About` ɗin da ta fi wahala a kansa shi muka taɓa a ƙarshe. Gurbin yana ɗaukar harafi 2,600, kuma binciken kalmomi yana shiga cikinsa, amma duk abin da zai bayar an riga an samu a muƙami da bayanin aiki da ƙwarewa. Ta rage shi, ta fara da abin da take yi da inda ta yi shi, don layukan farko kaɗan ake gani kafin a danna a buɗe sauran. Sauran sassa irin su `Honors & awards`, `Publications` da `Causes` ba mu taɓa su ba, ba ta da abin sawa a ciki, kuma barinsu bai hana ta komai ba.

Yadda ake gane ko gyara ya kama

Abu na farko da ta yi bayan gyaran shi ne ta buga sunan fanninta a wayarta ta ga ko ta hau sama. Wannan gwaji ba ya nuna komai. LinkedIn ya bayyana cewa jerin sakamako ya danganta da wanda ke binciken, kuma a binciken yau da kullum kusancin alaƙa yana da nauyi: wanda kuka haɗu kai tsaye, da abokin abokinka, sun fi saurin fitowa a gabanka. Mutum biyu za su buga kalma ɗaya su ga jeri daban. Saboda haka tambayar "ni ce ta nawa?" ba ta da amsa guda.

Tambayar da ke da amsa ita ce "ina ciki ko ba na ciki?" Wannan ana iya gwada ta kyauta. A roƙi wani ya buɗe bincike, ya zaɓi `People`, ya shiga `All filters`, ya sa garin a `Locations`, ya sa sunan muƙamin a gurbin `Title`. In sakamakon ya yi yawa ya ƙara makarantar a `School` don ya ragu. In mutum ya fito, ya wuce waɗannan ƙofofin. In bai fito ba, sai a riƙa cire sharaɗi ɗaya bayan ɗaya, wanda aka cire ya bayyana shi ne gurbin da ke da matsala. Da haka muka tabbatar da nata: kafin gyara ba ta fitowa sai an cire wuri an cire muƙami, bayan gyara tana fitowa da su duka.

Hanya ta biyu ita ce `Search appearances` da ke sashen `Analytics` na shafin mutum. Mako mako ake sabunta shi, yana nuna sau nawa mutum ya fito a bincike, da wuraren aikin masu binciken, da irin muƙaman da aka same shi da su. Ba adadin ne ya fi muhimmanci ba, don yana hawa yana sauka bisa ga ko ana ɗaukar ma'aikata a makon. Abin dubawa shi ne muƙaman. Da can abin da ke fito mata shi ne na mataimakan ofis, kuma masu binciken ba su da alaƙa da aikin agaji. Bayan 'yan makonni sai muƙaman bibiya da tantancewa suka maye gurbinsu, sunayen ƙungiyoyin da ke aiki a arewa maso gabas suka fara bayyana. Ta turo mini hoton allon, ta rubuta, "Kawu, yanzu su ne suke ganina." Daga baya saƙonni suka fara shigowa, wasu na aikin wata uku, wasu na gayyatar cike takardar neman aiki.

Akwai ƙofar da har yanzu ba ta wucewa. Muƙaman manyan jami'ai a fanninta sukan nemi shekara biyar zuwa sama, mai bincike kuma yakan sa hakan a gurbin shekarun aiki. Ita tana da huɗu. Wata ƙawarta ta ba ta shawara ta ja ranar fara aikinta na farko baya da shekara guda, ta ƙi, don takardar kammala jami'a da ta bautar ƙasa suna ɗauke da kwanan wata, kuma su ake fara karɓa ranar tantance takardu. A yanzu binciken da ke neman jami'a ko mataimakiyar jami'a a Borno da Yobe yana kawo ta, na manyan muƙamai kuwa sai aikin da take yi yanzu ya cika mata shekara ta biyar.